Tag, take ko maganar baki: wanne ke kawo wa bidiyo masu kallo a YouTube?

Mutum ya ɗauki bidiyo, ya ƙona data ya ɗora a YouTube, mako ya zagayo ko mutum ɗari ba su kalla ba. Laifin tag ne? Muhawarar da ake yawan yi ke nan a tsakanin samarin da suka rungumi wannan harka daga Birnin Kebbi zuwa Argungu da Jega. Wasu sun haƙiƙance cewa akwai wasu kalmomin sirri da in ka zuba su a akwatin tag, bidiyo zai tashi. Har ta kai ana biyan wani kuɗi "ya sa tag", kamar yadda ake biyan mai gyaran waya. Wasu kuma sun ce tag ya mutu tuni, yanzu injin YouTube sauraron abin da kake faɗa yake yi, shi ke nan.

Duka ɓangarorin biyu sun kama wani abu na gaskiya, amma babu wanda ya faɗe ta yadda ta shafi mai magana da Hausa. Yawancin shawarwarin da ke yawo an tsara su ne don masu bidiyon Turanci, kuma akwai wurin da namu lissafin ya saɓa da nasu.

## Abubuwan da ake cakuɗawa

Da farko a raba tag da hashtag, don mutane da yawa abu ɗaya suka ɗauke su. Tag kalmomi ne da mai bidiyo yake rubutawa a wani akwati cikin YouTube Studio, wato shafin da mai tasha yake kula da bidiyoyinsa, ana raba su da waƙafi, kuma mai kallo ba ya ganin su a shafin bidiyo. Gaba ɗayansu ba za su wuce haruffa 500 ba. Idan kana kan kwamfuta, sai ka shiga `Details`, ka gangara ƙasa, ka danna `Show more` kafin ka ga akwatin `Tags`. Wannan kaɗai ya isa ishara. Abin da kamfani ya ɗauka da muhimmanci ba ya ɓoye shi a bayan maɓalli.

Hashtag kuwa shi ne mai alamar # a gaba, wanda ake rubutawa a cikin take ko bayani, kowa yana ganin sa, kuma in an taɓa shi yana kai mutum wani shafi na bidiyoyi masu irin wannan alama. YouTube yana nuna har guda uku a kusa da take, kuma in suka haura 60 a bidiyo ɗaya sai ya yi watsi da su duka.

Take shi ne sunan bidiyon, iyakarsa haruffa 100. Bayani shi ne akwatin `Description`, mai ɗaukar haruffa 5,000, ko da yake layukan farko kawai ake gani sai an buɗe. Sai maganar da ke fita daga bakinka, wadda take da fuska biyu: sautin da ɗan Adam yake ji, da rubutun da ake samu daga wannan sauti, wato fassarar da ke bayyana a ƙasan allo in an danna `CC`. Wannan bambanci na ƙarshe a riƙe shi da kyau, don a nan gizo ke saƙar.

## Daga ina tag ya samo wannan suna

Masu cewa tag yana aiki ba mafarki suka yi ba. An yi zamanin da yake aiki. YouTube ya fara ne a 2005, Google ya saye shi a 2006, kuma a shekarun nan na farko injin ba ya ji, ba ya gani. Bidiyo a wurinsa rufaffen akwati ne. Abin da ya sani game da shi kawai shi ne abin da mai shi ya rubuta, wato take, bayani da tag, sai kuma yawan waɗanda suka danna. To duk inda aka ce maganar mutum a kan kayansa ita ce hujja, an buɗe ƙofar ha'inci. Mutane suka riƙa cusa sunayen mawaƙa da 'yan ƙwallo a bidiyon da ba ruwansa da su, ana dannawa, ana fita da haushi, amma an riga an ƙirga.

Irin wannan ta taɓa faruwa da shafukan intanet. Su ma suna da wani ɓoyayyen wuri na zuba kalmomi, aka yi ta cika shi da ƙarya, har Google ya fito fili a 2009 ya ce ba ya amfani da shi wajen jera sakamakon bincike. A wannan shekarar ce kuma YouTube ya fara rubuta maganar cikin bidiyo da kansa, ya fara da Turanci.

Babban sauyin ya zo a 2012, lokacin da YouTube ya sanar cewa zai fi ba da nauyi ga tsawon lokacin da aka ɗauka ana kallo, maimakon yawan dannawa. Daga ranar lissafi ya juya. Abin da mai bidiyo ya faɗa game da bidiyonsa ya koma baya, abin da masu kallo suka yi da shi ya shiga gaba. A farkon 2018 Neal Mohan, wanda yanzu shi ne shugaban YouTube, ya ce sama da kashi 70 cikin ɗari na lokacin da ake ɓatawa a kallo yana zuwa ne daga bidiyoyin da injin ya miƙo wa mutum da kansa, ba waɗanda ya nema ba. Wannan miƙowar kuwa ta fi dogara ga abin da mutum ya saba kallo, da abin da masu irin ɗabi'arsa suka kalla suka zauna a kai.

Darussan da aka yi a tsohon zamani dai ba su gushe ba. Suna nan, ana kallon su, ana mayar da su Hausa, ana koya wa na baya.

## Abin da YouTube ya faɗa, da hujjar masu ja

A shafinsa na taimako, YouTube ya yi maganar a fili. Ya ce take, hoton bangon bidiyo da bayani sun fi tag muhimmanci wajen gano bidiyo. Ya ce tag yana iya amfani idan abin da bidiyon ya ƙunsa abu ne da ake yawan kuskuren rubuta sunansa, in ba haka ba rawar da yake takawa 'yar kaɗan ce. A wani wurin, inda yake bayanin yadda bincike ke aiki, ya lissafa abubuwa uku: dacewa da abin da aka nema, yadda masu kallo suka karɓi bidiyon, da ingancinsa. A ƙarƙashin dacewa ya ambaci take, tag, bayani da abin da ke cikin bidiyon. Ke nan tag bai mutu ba, ana karanta shi. Sai dai murya ce ƙarama a cikin manya.

Masu ja suna da hujja biyu. Ta farko, su ce ka duba bidiyoyin da ke sama, za ka tarar duk suna da tag ɗin da ya dace da abin da ka nema. Gaskiya ne, amma ka duba takensu ma, za ka ga kalmar tana nan. Wanda ya damu har ya cika tag da kyau, galibi shi ne wanda ya damu da take da sauti da hoto. Ba a raba wanne ne ya yi aikin da ido.

Ta biyu ita ce makin da manhajoji irin su vidIQ da TubeBuddy suke bayarwa. Ka ƙara tag, ka ga maki ya hau, launi ya koma kore, ranka ya yi fari. Wannan maki na manhajar ne, ita ta ƙirƙiro ma'auninta. YouTube ba ya ganin sa, ba ya aiki da shi. Manhajojin suna da amfaninsu wajen nuna abin da ake nema, amma tag shi ne abin da ya fi sauƙin ƙirgawa, shi ya sa ya fi fitowa a idon mai amfani da su.

## Take: aiki biyu a layi ɗaya

Mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce wani matashi ne a fadamar Argungu, ya iya noman rani, ya ɗauki bidiyon minti takwas yana nuna yadda ake dashen shinkafa FARO 44. Ya nuna gadon renon iri, ya ce a cire tsiron yana da kamar kwana 21, ya ja igiya ya nuna tazarar santimita 20 tsakanin gindi da gindi, ya sa tsiro biyu zuwa uku a kowane rami. Ilimi ne mai kyau, irin wanda manomi a Suru ko Yawuri ko Bakalori zai amfana da shi. Ya zo ɗorawa sai ya rubuta take: "Alhamdulillah aiki ya fara kashi na 3". A akwatin tag kuma ya liƙa abin da wani ya turo masa ta WhatsApp: sunayen jaruman Kannywood guda shida, `comedy`, `trending`, `viral video`, `Nigeria news today`, sunan wata ƙungiyar ƙwallo ta Ingila, can ƙarshe `noma`.

Idan ya zo yana cewa, "Yaya, duba mini tag ɗin nan, kamar ba su yi ƙarfi ba," to an bar jaki ana dukan taiki. Babu mutum ɗaya a duniya da zai buɗe YouTube ya rubuta "aiki ya fara kashi na 3". Kuma in injin ya gwada nuna bidiyon a fuskar wayar wani manomi, me manomin zai gani? Hoto da take. Babu abin da ya gaya masa cewa amsar tambayarsa tana ciki.

Take yana aiki biyu a lokaci guda, abin da tag ba zai taɓa yi ba. Yana gaya wa inji batun bidiyon, yana kuma sa ɗan Adam ya danna ko ya wuce. Kuma a nan ƙasar akwai hanya ta uku da ake mantawa. Bidiyoyinmu da yawa ta WhatsApp da Facebook suke yawo. In ka tura mahaɗin bidiyo zauren manoma, abin da zai fito shi ne hoto da take. Tag ba ya bin sa can ko da wasa.

Gyaran ba wuya. Ya buɗe akwatin bincike na YouTube ya fara rubuta "dashen", ko "noman shinkafa", ya tsaya ya ga abin da akwatin zai ƙarasa masa. Waɗannan ƙarashe-ƙarashen daga abin da mutane suke nema suke fitowa, kyauta ne kuma. Sannan ya gina take da kalmomin da manomi zai rubuta da hannunsa, ya sa su a gaba, domin waya tana yanke dogon take, abin da ke wutsiya ba a ganin sa:

```
Dashen shinkafa FARO 44: kwana nawa a gado, tazara nawa? Noman rani a Argungu
```

Ga yadda lissafin yake. A cikin `Analytics`, wato sashen alƙaluman kallo na YouTube Studio, akwai `Impressions`, wato sau nawa aka nuna hoton bidiyon, da kuma kason waɗanda suka danna. YouTube ya ce rabin tashoshi da bidiyoyi suna tsakanin kashi 2 da kashi 10 cikin ɗari. A ce an nuna bidiyon sau 10,000. Da kashi 2, mutum 200 ne suka shiga. Da kashi 6, mutum 600. Nunin bai ƙaru ba, bidiyon bai sauya ba, take da hoto ne kawai suka ninka masu kallo sau uku. In kuma suka zauna suka kalla, injin yana da dalilin ƙara nuna shi. Babu wani jerin tag da zai taɓa wannan kaso, tunda mai dannawa bai gan shi ba.

Ni a ganina, mai bidiyon Hausa da ke da rabin awa na gyara kafin ɗorawa, ya ba take da hoto minti ashirin bai yi asara ba.

## Maganar baki, da inda Hausa ta bambanta

Yanzu ga masu cewa injin yana jin komai. Ga mai Turanci maganar tana da ƙamshin gaskiya. Ya ɗora bidiyo, bayan ɗan lokaci YouTube ya mayar da duk abin da ya faɗa rubutu, kuma wannan rubutun ya fi kowane tag yawa da gaskiya. Minti takwas na magana ya kai kalmomi dubu, alhali akwatin tag bai fi ɗaukar kalmomi tamanin ko ɗari ba. Kuma ƙarya a cikinsa tana da wuya. Kana iya rubuta sunan jarumi a tag cikin daƙiƙa biyu, amma ba za ka yi minti takwas kana maganar shinkafa rubutun ya nuna wani abu daban ba.

To amma wannan jin ba daidai yake ga kowane harshe ba. An fara da Turanci, aka bi da manyan harsunan Turai da Asiya, kuma har yanzu su ne suka fi cin moriyarsa. Mai bidiyon Hausa kada ya ɗauka an ji shi, ya duba. Ya buɗe bidiyonsa, ya buɗe bayanin, ya gangara ya nemi `Show transcript`. Ɗayan abu uku zai tarar. Ko dai babu maɓallin sam, ko ya ga Hausarsa a rubuce, ko kuma ya ga abin dariya: injin ya ɗauka Turanci ake yi, ya bi sautin Hausa yana ƙaƙaba masa kalmomin Turanci marasa kan gado, nan da can ya rubuta `[Music]`. Na ukun nan ya fi faruwa ga wanda ya buɗe da gaisuwar Turanci, ko ya bar `Video language` a kan Turanci ko bai cike shi ba. Sai a wayi gari rubutun da ke manne da bidiyon dashen shinkafa babu kalmar shinkafa ko ɗaya a ciki.

Maganinsa shi ne abin da injin bai ji ba, ka rubuta masa. Mataki na farko, a saita `Video language` zuwa `Hausa`. Na biyu, a mayar da akwatin bayani wurin aiki, ba wurin roƙon a danna ƙararrawa ba. Layi biyu na farko su faɗi abin da ke cikin bidiyon da cikakkiyar jimla: a wannan bidiyon an nuna yadda ake cire tsiron shinkafa daga gadon reno, da tazarar dashe, da yawan tsiro a rami, a fadamar Argungu ta jihar Kebbi. Sannan a raba bidiyon babi-babi. Ƙa'idar ita ce a fara da 00:00, a sa aƙalla uku, kowanne kada ya gaza daƙiƙa goma:

```
00:00 Kwanakin tsiro a gadon reno
02:10 Jan igiya da tazarar dashe
05:30 Tsiro nawa a rami
```

Kowane layi a nan ƙaramin take ne, inji yana karantawa, mai kallo yana gani, kuma mai ƙaramar data yana iya tsallakawa kai tsaye inda yake so.

Mataki na uku ya fi wahala, shi ne rubuta fassarar ƙasan allo da hannu. Ana yin sa a studio.youtube.com, a kwamfuta ko a waya in an kunna `Desktop site`, a shiga `Subtitles`, a zaɓi `Type manually` ko `Upload file`. Aiki ne mai cin lokaci, bidiyon minti takwas yana iya cinye maka yamma guda. Ba kowane bidiyo ya cancanci haka ba. Barkwancin da zai yi kwana uku ya wuce, a bar shi. Amma darasin dashe, wanda za a nema bana a nema baɗi, ya cancanta, ga kuma kurame da masu kallo a cikin hayaniyar kasuwa da za su amfana.

Abin kuma ba a tsaye yake ba. A 2024 Google ya ƙara Hausa cikin harsunan da ake iya bincike da murya da kuma rubutu da murya a Gboard, wato allon rubutunsa na waya. Wanda yake magana a fili, kusa da makirfo, yana kiran abu da sunansa, shi ne zai fara cin riba duk lokacin da jin ya ƙara kyau. Wanda ya tsaya kusa da injin ban ruwa yana ruri, iska tana kaɗa waya, ko Bature ne ba za a rubuta maganarsa daidai ba.

Duk wannan fuskar inji ce. Fuskar ɗan Adam ta fi ta nauyi, kuma ita ba ruwanta da harshe. Manomin da ya danna saboda take ya yi masa alkawarin kwana nawa da tazara nawa yana jira ya ji an kama hanyar amsa. Mu kuwa mun saba da doguwar shimfiɗa. Sallama, gaisuwa ga iyaye da malamai, godiya ga mabiya, roƙon a yi sharing a tura wa 'yan'uwa, minti ɗaya da rabi ya tafi ba a ambaci shinkafa ba. Sallama ba ta hana komai, daƙiƙa uku ce. Sauran ne ake iya turawa ƙarshe. YouTube Studio yana nuna kason mutanen da suke nan bayan daƙiƙa 30 na farko, kuma zanen `Audience retention` yana nuna daidai inda aka watse. In ka ga layin ya faɗo kamar daga kan katanga tun a farko, ba tag ba ne, bakinka ne bai cika alkawarin takenka da wuri ba. Matashinmu ya ce, "Assalamu alaikum, wannan tsiron kwanansa 21, yau za mu dasa shi, ku ga tazarar da nake bari," yana riƙe da tsiron a hannu. Ya gama da mai kallo, ya gama da inji.

## Inda tag yake da aikin yi

A koma ga togaciyar da YouTube ya yi: sai in ana yawan kuskuren rubuta sunan abin. Ga mai Turanci wannan ƙaramin lungu ne. Ga mai Hausa fili ne babba, domin mu ba mu da rubutu ɗaya a waya. Mai allon rubutu na Hausa zai rubuta ƙwari, mai na Turanci ya rubuta kwari, wani ya rubuta k'wari, wani ma qwari. Ɗan Kamba da maƙwabcinsa na Gaya a Nijar harshe ɗaya suke yi, amma wanda ya yi makarantar Faransanci yana iya rubuta chinkafa. Mai bin lafazin Sakkwato da Kabi yana iya rubuta shinkahwa yadda yake faɗa. Sunan irin ma haka: FARO 44, faro44, paro 44. Ga Argungu da Argungun, ga Kebbi da Kabi. Injin bincike ya ƙware wajen gyara kuskuren Turanci saboda ya ga misalai ba iyaka. A Hausa bai kai nan ba, don haka taimakon da ka yi masa yana iya zama bambanci tsakanin a same ka da a wuce ka.

Ba za ka jera waɗannan duka a take ba, zai zama shirme. Zuba su jere a cikin bayani kuma ya saɓa wa dokar YouTube, wadda ta hana cusa tarin tag a wurin. Akwatin tag shi ne gidansu:

```
dashen shinkafa, dashen chinkafa, shinkahwa, noman rani, FARO 44, faro44, Argungu, Argungun, Kebbi, rice transplanting
```

Guda goma, duk a kan batu ɗaya, aikin minti uku. Na Turancin na ƙarshe yana nan ne saboda ɗalibai da malaman gona da ke bincike da Turanci. Ba dole ba ne a cika haruffa 500, babu lada a cikawar. Kuma ko a nan, rubutun da ya fi yawa a hannun mutane shi ya kamata ya hau take. In kalmar mai ƙugiya ce, mutum yana iya sa daidaitaccen rubutu a take, ya saka marar ƙugiya sau ɗaya cikin jimla a bayani, ragowar su tafi tag.

Sunayen jaruman nan da `trending` fa? A goge su. Mafi sauƙin abin da zai faru shi ne injin ya yi biris da su. Mafi muni, a ɗauke su a matsayin yaudara, domin dokar YouTube ta hana take, bayani ko tag da ke sa mutum ya zaci zai ga abin da babu shi. Ana iya cire bidiyo, a yi gargaɗi, daga nan a fara ƙirga laifi, kuma laifi uku cikin kwana 90 yana rufe tasha. Ko da a ce dabarar ta ci, mai neman barkwanci ya faɗo gonar shinkafa, daƙiƙa biyar zai yi ya fita, ya bar maka shaidar cewa bidiyonka ba ya riƙe mutane.

A gajerun bidiyoyin Shorts kuwa maganar tag ta ƙara raguwa, tunda yawanci ba nema ake yi ba, turo wa mutum ake yi, ya tsaya ko ya share da yatsa.

## Yadda mutum zai gane da kansa

Ba sai an yarda da maganar kowa ba. A YouTube Studio, a buɗe bidiyon, a shiga `Analytics`, sannan `Reach`, a duba inda masu kallo suke fitowa. In mafi yawa daga `External` ne, to WhatsApp da Facebook ne ke ɗauke da kai, tag bai taɓa su ba. In daga `Browse features` ko `Suggested videos` ne, wato bidiyoyin da injin yake miƙo wa mutum da kansa, to hoto da take da zaman masu kallo ne suka kawo su. `YouTube search` ne kaɗai wurin da tag yake da ƙofar shiga sosai, kuma in ka taɓa shi zai nuna maka ainihin kalmomin da aka rubuta aka same ka. A ce kashi 15 cikin ɗari ne suka zo ta bincike, kuma kusan duk kalmomin da suka rubuta suna cikin takenka. To rabon tag shi ne ɗan abin da ya rage, waɗanda suka rubuta chinkafa ko faro44.

Akwai tarko ɗaya da ke sa mutane rantsuwa da tag. Matashinmu ya ɗora bidiyon a watan Satumba, ya kwanta shiru. A Disamba ya biya wani ya sauya masa tag, cikin mako biyu kallo ya tashi. Zai ce ga shaida. Alhali lokacin ne manoman Kebbi suke shirin noman rani, kowa yana neman iri da yadda ake reno, da bidiyon zai tashi ko ba a taɓa shi ba. Haka abin yake ga mai koyar da ɗinki gab da Sallah, da mai girke-girke a farkon azumi. Sau da yawa kuma wanda aka biya ya gyara take a lokaci guda, sai tag ya kwashe yabon. Wanda yake son gwaji na gaskiya ya sauya abu ɗaya kawai, ya bar sauran, ya ba shi makonni, kuma ya duba layin bincike kaɗai, ba jimillar kallo ba. A ƙaramar tasha mai kallo talatin a mako, mutum ɗaya da ya tura mahaɗi zauren unguwa ya isa ya rikita lissafin gaba ɗaya.

Jerin kalmomin binciken nan yana da wani amfani da ya fi na tantance tag. Matashin yana iya ganin ana samun sa da "taki bayan dashe" ko "maganin ciyawar shinkafa", abubuwan da bai taɓo ba sai a gurguje. Kuskure ne ya kwashe su ya zuba a tag ɗin tsohon bidiyo, domin wanda ya shigo ba zai sami amsa ba, zai fita. Tambayoyi ne da manoma suka rubuta da hannunsu, kowacce tana jiran nata bidiyon, kuma taken ya riga ya zo a rubuce: takin shinkafa bayan dashe, yaushe ake zubawa, buhu nawa a hekta.